Daga zauren malam zuwa asibiti: yadda ake shimfiɗa hanyar tura mai taɓin hankali

A ƙasar Hausa, idan yaro ya fara magana shi kaɗai, ya daina barci, yana cewa ana bin sa ko ana zuba masa guba a abinci, ba asibiti ake fara nufa da shi ba. Wurin malamin ruƙiya ake kai shi, ko mai maganin gargajiya, ko 'yan bori, a wasu unguwannin kuma gidan addu'a na coci. Mu ma'aikatan lafiya sai daga baya muke ganinsa, bayan wata shida ko shekara biyu, an sayar da akuya da buhunan gero, wani lokaci da tabon mari a ƙafarsa. Na daɗe ina jin haushin wannan. Da na fara shiga zaurukan nan ina zama, sai na gane dalilin iyaye: malam yana kusa, yana jin harshensu, yana karɓar abin da ya samu, kuma yana amsa tambayar da mu ba ma amsawa, wato me ya sa wannan abu ya faɗa wa ɗanmu.

Saboda haka aikin da zan bayyana ba na ƙwace majinyaci daga hannun malam ba ne. Hanya ce mai zuwa da dawowa: malam ya san wanda zai kira, mu kuma mu mayar masa da labari, majinyaci ya samu magani ba tare da an ce ya bar addu'arsa ba.

An gwada wannan an ga amfaninsa. Tun a shekarar 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya yi aiki da masu maganin gargajiya a tsarin kula da masu taɓin hankali na ƙauyen Aro da ke Abeokuta. A 2020 kuma mujallar Lancet ta buga sakamakon binciken COSIMPO, wanda Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, da majinyata 307. Ma'aikatan lafiya na matakin farko suna zuwa gidajen masu maganin kowane mako, suna duba majinyata a can, suna ba da magani. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Fara da gyara naka gidan

Kada ka je wurin kowane malami kafin ka tabbata akwai inda zai tura mutum. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe irin wannan aiki. Malam ya amince, ya turo yaro da mahaifinsa, sun biya kuɗin mota, sun tarar ma'aikacin da ya san aikin ba ya nan, ko magani ya ƙare, ko wata a bakin taga ta ce musu ai ga abin da zuwa wurin boka ke jawowa. Wannan malamin ba zai sake turo kowa ba, kuma zai gaya wa sauran.

Abu uku nake so su tabbata. Na farko, mutum guda a asibitin unguwa, mai suna da lambar waya, wanda ya samu horo a kan mhGAP, jagorar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da wani na biyu da zai tsaya masa ranar da ba ya nan. Na biyu, maganin taɓin hankali a ajiye a asibitin: ko halofaridol ko kulofuromazin, wanda aka fi sani da Lagatil, ko risferidon, tare da maganin sandarewar jiki da waɗannan kan jawo. Na uku, babban asibitin da za ka tura abin da ya fi ƙarfinka, da likitan da zai ɗaga wayarka. Gwargwadon inda kake, yana iya zama Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri. Ka san ranar da suke ganin sababbin majinyata da kuɗin kati, domin su ne tambayoyin farko da iyaye za su yi.

Sannan ka zauna da duk ma'aikatan asibitinka, har mai gadi da mai ba da kati. Wanda ya zo da takardar malam a tarbe shi da mutunci, ba a tambayarsa me ya kai shi can.

Ta wace ƙofa za ka shiga

Ba a faɗa wa zauren malami kai-tsaye da farar riga da littafin rubutu. Tun bayan watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fitar da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, aka kuma bi da wasu gidajen mari a Daura da sauran wurare, duk mai ajiye majinyata yana kallon baƙon ma'aikaci a matsayin ɗan leƙen asiri. Ka fara da mai unguwa ko dagaci, ka yi masa bayani, shi ya haɗa ka da limami, su kuma su ba ka wanda zai raka ka. Kwamitin raya lafiya na mazaɓa yana da amfani a nan, domin yawanci akwai dattijon da kowa ke jin nauyinsa.

Wajen sanin su wane ne masu maganin, majinyatanka sun fi kowa sani. Tambayi iyalai goma da suka zo da mai taɓin hankali ina da ina suka je kafin su zo. Za ka ji sunaye biyu ko uku suna maimaituwa. Da su za ka fara, ba da taron mutum hamsin a ɗakin taro na ƙaramar hukuma ba, inda kowa zai karɓi kuɗin mota ya tafi.

Kada kuma ka haɗa su a tabarma ɗaya. Malamin ruƙiya ba zai yarda a jera shi da boka ko sarkin bori ba, yana ganin aikinsu ya saɓa wa addini. Kalmar boka ma kada ta fito daga bakinka ga wanda bai kira kansa haka ba. Ka kira kowa da sunan da ya zaɓa wa kansa, ka gana da kowane rukuni daban.

Ziyarar farko da ta biyu: kunne kawai

Ka je bayan la'asar ko lokacin da ya ce, ka cire takalmi, ka zauna inda aka nuna maka. Idan ke mace ce, ki tafi da rakiya, kuma ki sani ke ce za ki iya shiga cikin gida inda ake ajiye mata majinyata, wurin da namiji ba zai taɓa gani ba.

Tambayoyina ba su da yawa. Allah gafarta Malam, waɗanne irin larurori ake kawo maka? Yaya kake bambance wanda aljani ya shafa da wanda sammu ne da wanda ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu? Waɗanne ne suke ba ka wahala? Tambayar ƙarshen nan ita ce mabuɗi. Kusan duk malamin da ya daɗe a aikin yana da rukunin da ya san ba nasa ba ne. Wani ya ce mini: "Likita, wanda na yi wa karatu ya yi kururuwa aljanin ya yi magana, wannan nawa ne. Amma akwai wanda zan yi mako uku ina karatu, yana kallona yana dariya shi kaɗai. Wannan na ƙwaƙwalwa ne." Ka ga shi da kansa ya shata maka iyaka. A kan iyakarsa za ka gina, ba sai ka kawo taka ba.

Kada ka shiga gardamar ko aljani ne ko ba aljani ba. Ba za ka ci ba, kuma ba ka buƙatar ci. Abin da nake faɗa shi ne, ko mene ne sanadi, wannan bawan Allah ya kwana bakwai bai runtsa ba, jikinsa yana ƙarewa, ina da abin da zai sa ya yi barci ya daina jin muryoyin nan, kai kuma ka ci gaba da naka. Malamai da kansu sukan kawo hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ka bari daga bakinsu ya fito. Ma'aikacin lafiya da ya zo yana ja wa malami hadisi a zaurensa ya yi rashin ladabi.

Yarjejeniya ta farko: waɗanda ba a kwana da su

Kada ka fara da neman a turo maka kowa. Fara da waɗanda jinkirinsu kan zama ajali, domin babu malamin da ke son gawa a gidansa. Ga waɗanda nake roƙo a kira ni a kansu nan take, ko da tsakar dare:

- wanda ruɗewarsa ta zo da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko bai san inda yake ba, yana farfaɗowa yana komawa;
- mai jijjiga ko farfaɗiya, ko wanda ya bugu a ka kafin abin ya fara;
- mace mai ciki, ko mai jego da hankalinta ya juya a makonnin farko bayan haihuwa;
- wanda ya ƙi ci da sha kwana biyu, ko ya sandare ba ya motsi ba ya magana;
- wanda ke maganar kashe kansa ko wani, ko ya riga ya gwada.

Na farkon nan shi ya fi buƙatar bayani. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, sanƙarau, taifot, faɗuwar sukari, duk suna sa mutum sambatu da gane-gane, a ɗauka iska ce. Bambancin da malam zai iya gani da idonsa shi ne, mai taɓin hankali yawanci ya san sunansa, ya san garin da yake, ya gane mahaifiyarsa, sai dai abin da yake faɗa ne ba ya kan hanya. Mai ruɗewar zazzaɓi kuwa abin ya zo masa cikin kwana ɗaya ko biyu, ba ya gane mutane, da dare ya fi tsanani. Na saba barin ma'aunin zafin jiki a wurin malam, in koya wa babban almajirinsa yadda ake karantawa. Idan ya kai digiri 38, a kira.

Sai bayan wannan ta zauna za ku yi yarjejeniya ta biyu: duk wanda ya yi mako biyu a hannunsa bai samu sauƙi ba, zan zo in duba shi a nan zauren, da yardar majinyacin da iyalinsa.

Takardar turawa kada ta fi tafin hannu. Sunan majinyaci, sunan malam, ranar da aka kawo shi, abin da aka ba shi ya sha ko aka yi masa hayaƙi da shi, da lambar wayarka a baya. Da yawa cikin malamai sun fi sakewa da ajami, to a bar su su rubuta da ajami, kai ka nemi mai karanta maka. Layin abin da aka sha yana da muhimmanci, domin wasu haɗe-haɗen akwai zaƙami a ciki, shi kuwa zaƙami da kansa yana kawo ruɗewa da bushewar baki da buɗewar ƙwayar ido. Akwai kuma masu maganin da ke sayen Lagatil a kemis su daka a cikin rubutu ko jiƙo. Ka tambaya a hankali, ba da sigar tuhuma ba, domin idan ka ɗora naka a kan nasu ba ka sani ba, majinyaci zai sha ninki biyu.

Yadda ta kasance da wani saurayi

Wani saurayi ɗan shekara 22, mai ɗinki, an kawo shi wurin malamin da na ambata bayan wata huɗu yana cewa maƙwabta suna magana a kansa ta cikin bango. Ya fasa tagar wani, shi ya sa 'yan'uwansa suka sa masa mari. Da na zo ya yi kwana 19 a ɗaure a wani ɗaki bayan zaure, mahaifiyarsa tana kwana a bakin ƙofa. Idon sawunsa na hagu ya yi gyambo.

Na gaishe shi da sunansa, na tambaye shi ko ya yarda in duba shi. Ba zazzaɓi, ya san ranar, ya san garin. Na tambayi shaye-shaye, mahaifiyar ta ce ba ya sha, shi kuma da muka keɓe ya ce yakan sha wiwi jefi-jefi. Wannan maganar ban kai wa malam ba, ban kai wa uwar ba. Sirrin majinyaci nasa ne, abin da ya amince a faɗa kaɗai ake faɗa.

Na wanke gyambon, na yi masa allurar rigakafin sandarewar haƙora, na kira likitanmu a waya muka amince a fara halofaridol kaɗan, miligiram 1.5 zuwa 3 a rana, a ƙara a hankali idan da buƙata. Na ba mahaifiyar na mako guda kacal, ita ce mai ba shi. Malam ya ce a riƙa sha bayan sallar isha'i, in ya gama masa tofi. Wannan shawarar tasa ta fi duk wadda zan iya kawowa, domin ba a taɓa mantawa ba.

A nan na yi kuskuren da nake so ka kauce masa. Ban yi musu bayanin illar maganin sosai ba. A rana ta uku aka kira ni hankali a tashe: wuyansa ya karkace, harshe ya fito, idanu sun kafe sama. Mahaifiyar tana kuka tana cewa aljanin ya fusata da maganin asibiti, wani kawunsa ya riga ya zubar da sauran ƙwayoyin. Sandarewar tsoka ce da irin wannan magani kan jawo a kwanakin farko, musamman ga samari. Na ba shi maganinta, wanda ake kira Aten, kafin in bar gidan wuyan ya saki. Na ce wa uwar: "Inna, laifina ne da ban gaya miki ba. Maganin ne, ba iska ba ce, kuma kin ga ya wuce." Malam ne ya lallashi kawun aka ci gaba, da ƙaramin awo.

Tun daga ranar, kafin ƙwaya ta farko ta shiga bakin kowa, sai na zaunar da malam da iyali na nuna musu da jikina yadda wuya ke karkacewa, da rawar hannu, da dalalar miyau, da kasa zama wuri ɗaya. Ina kuma gaya musu guda ɗaya mai haɗari: zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki duka da ruɗewa. Wannan a tsayar da magani a nufi asibiti. Aten ɗin kuma ba na barin da yawa a hannun kowa, domin matasa suna shan sa don maye.

Barci ya dawo a makon farko. Muryoyin sun ɗauki kusan wata guda kafin su ja baya, kuma na riga na faɗa musu cewa sai an ba magani mako huɗu zuwa shida kafin a ce bai yi ba.

Maganar mari

Kada ka ɗauka magani zai kwance mari da kansa. A wani bincike da aka yi a sansanin addu'a na Mount Horeb a Ghana, wanda aka buga a 2018, waɗanda aka ba magani sun samu sauƙi, amma kwanakin da suka yi a ɗaure ba su ragu ba. Sauƙi daban, kwancewa daban. Sai an zauna an yi maganarta ita kaɗai.

Ka fara da fahimtar tsoron da ya sa aka ɗaure. Yawanci ba mugunta ba ce. Ana tsoron ya gudu ya faɗa rijiya, ko ya ji wa wani rauni a kama malam. Idan ka ce a kwance ba ka kawo abin da zai maye gurbin sarƙar ba, ka bar musu tsoronsu ka tafi gida. Game da saurayin nan, mun yi shawara a rana ta biyar, da barci ya fara samuwa: a kwance shi daga azahar zuwa la'asar, yayansa na zaune tare da shi, a kawar da wuƙa da taɓarya daga tsakar gida. Washegari aka ƙara har magariba. A rana ta tara aka cire marin gaba ɗaya, ya bi jam'i a masallacin malam. Ni a so na da tun ranar farko aka cire, kuma kowace ziyara sai na faɗi haka. Kwanakin nan tara suna damuna har yanzu.

Akwai abin da ba na sassautawa a kansa, kuma tun farkon hulɗa nake faɗa, a keɓe, ba a gaban almajirai ko iyalin majinyaci ba: duka da bulala don a kori aljani, hana abinci da ruwa da sunan azumi, turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, tsaga da reza ɗaya ga mutane da yawa, da keɓewa da mace majinyaciya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai wannan larura haƙƙin kada a azabtar da shi ko a wulaƙanta shi. Ina gaya wa malam cewa idan na ga rai na cikin haɗari ko an ci zarafin wani, zan sanar da shugabana da hukumar jin daɗin jama'a, kuma shi zan fara gaya wa kafin in je. Wanda ya ƙi daina duka bayan an yi magana an sake, ka janye sunan asibitinka daga gidansa, domin zuwanka zai zama shaidar da yake nuna wa iyaye. Amma ka bar wa iyalan da ke ciki lambar wayarka.

Mayar da labari, da maganar kuɗi

Hanyar tana mutuwa ne idan malam ya tura mutum ya ji shiru. Cikin kwana biyu ka kira shi: Allah gafarta Malam, wanda ka turo ya iso, mun gode, an fara magani, zai dawo wurinka ranar kaza. Ko da Dawanau ko Kware aka wuce da shi, ka bi sawu ka gaya masa. Idan iyali suna so, majinyaci ya koma ya ci gaba da karɓar addu'a. Malam yana da abinci a wannan aiki, kuma idan ya ga duk wanda ya turo ya ɓace masa, ya gane kai kishiya ne.

Kada ka biya kuɗi a kan kowane kai da aka turo. Za a fara turo maka masu ciwon kai da masu rigimar aure, kuma ranar da kuɗin ya tsaya turawa ta tsaya. Katin waya da kuɗin mota idan an kira taro sun wadatar.

Babban amfanin malam yana zuwa ne bayan an samu sauƙi. A lokacin ne iyali ke cewa ya warke, a daina ƙwaya, bayan wata biyu ko uku ciwo ya dawo. Bayan karo na farko ana so a ci gaba da magani kimanin shekara guda bayan alamomi sun tafi, kuma likita ne zai rage shi a hankali. Wanda ya sha maimaitawa yakan buƙaci fiye da haka, wani ma allurar da ake yi duk bayan mako biyu zuwa huɗu ta fi masa sauƙi. Idan malam ya ce kada a daina, ba a dainawa. Haka kuma da azumin Ramadan, shi zai fi iya gaya musu hukuncin mara lafiya, kai kuma ka mayar da shan maganin zuwa bayan buɗa-baki idan likita ya amince.

Ka ajiye littafi guda mai layi biyar: wanda aka turo, ko ya iso, ko an mayar wa malam da labari, ko yana kan magani bayan wata uku, da ko yana ɗaure. Duk ƙarshen wata ka duba inda layi ya yi giɓi. Idan ana turowa ba a isowa, matsalar kuɗin mota ce ko tsoron asibiti, sai ka ƙara zuwa kana dubawa a zaure. Idan ana isowa amma ana ɓacewa a wata na biyu, duba tsadar magani da illarsa. Idan turawa ta tsaya cak daga wani malami, wani abu ya faru da ba a gaya maka ba, ka ɗauki ƙafa ka je gaisuwa.

Saurayin nan ya koma kan kekensa a wata na huɗu. Mahaifiyarsa ce ke zuwa karɓar magani duk wata, ranar kasuwa, shi kuma yana zuwa duk wata biyu in duba shi. A wata na bakwai ya fara ƙin barci, malam ne ya fara lura a sallar asuba, ya aiko almajiri da takarda da ajami. Da muka bincika, kwana goma ke nan kuɗin magani ya yanke.